Gaba da baya ɗaya: yadda ake kamo kalmar da ke karantuwa ta baya daga gurabun haruffa

Rubuta kalmar malam a takarda, sannan ka bi haruffanta daga na ƙarshe zuwa na farko: m, a, l, a, m. Ba ta sauya ba. Haka mutum, haka uku, haka amma, haka sunan Lawal. Kullum muna furta su, amma ba kowa ne ya taɓa lura cewa gabansu da bayansu ɗaya ba ne. Turawa suna kiran irin wannan kalma falindirom, sunan da suka aro daga Girkanci, ma'anarsa gudu a sake komowa ta hanyar da aka bi. Ni da ɗalibaina muna ce mata kalmar madubi. Tana da 'yar'uwa da ake yawan haɗa su a wasa ɗaya, wato kalmar da idan ka juya ta sai ta zama wata kalma daban mai ma'ana. Abu idan ya juya ya zama uba. Ado ya zama oda. Noma ya zama amon, kamar a amon ganga. Wannan kuma muna ce mata mai fuska biyu.

Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma ran Alhamis bayan an tashi nakan zana wa 'yan ƙungiyar Hausa wasan cike gurbi a allo, irin wanda ake jera kalmomi a kwance da a tsaye suna ratsa juna. Wasan ya fara fitowa a jarida ne a birnin New York a watan Disamba na 1913, daga hannun Arthur Wynne, kuma a nasu na Turanci tsohon salo ne manuniya, wato ɗan bayanin da ake ba mai wasa don ya gano kalmar da ake nema, ta ce amsa tana karantuwa ta baya. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, a Hausa irin wannan manuniya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙirar kalmar Hausa da kanta tana ba ka rabin amsa tun kafin ka karanta ma'anar da aka nema. Wanda ya san ƙirar ba ya zama yana lalube a ƙwaƙwalwa ko Allah zai sa kalma ta faɗo masa. Yana da hanyar da zai bi.

Matakin farko lissafi ne mai sauƙi. Idan aka ce gurbi biyar ne kuma kalmar madubi ce, to gurbi uku kawai kake nema, domin na biyar shi ne na ɗaya, na huɗu shi ne na biyu, na tsakiya kuma yana zaman kansa. Gurbi bakwai ya zama huɗu, gurbi huɗu ya zama biyu. Kowane harafi da wata kalma ta ratso ta ba ka, biyu ka samu, in ba na tsakiya ba ne. Wannan gaskiya ne a kowane harshe.

Mataki na biyu shi ne namu na kanmu. Mafi yawan kalmomin Hausa da baƙi suke farawa, da wasali suke ƙarewa: gida, ruwa, kasuwa, tafiya. Kalmar madubi kuwa dole farkonta da ƙarshenta su zama harafi ɗaya. Ka ga ke nan gida da ruwa da dubban irinsu sun fita daga wasan tun ba a fara ba. Ƙofa biyu ce ta rage. Ko dai kalmar ta fara da wasali ta ƙare da shi, kamar aya, iri, Idi, awa, oho, ana, aka. Ko kuma ta ƙare da baƙi, kuma baƙaƙen da kalmar Hausa ke yarda ta tsaya a kansu ba su da yawa. In ka ajiye kalmomin amsa-kama irin su tsit da fat a gefe, abin da za ka fi gani a ƙarshen kalma shi ne n, r, m, l da s. Don haka idan na ga gurbi biyar babu ko harafi ɗaya a ciki, ba na fara tunanin baƙaƙe sama da ashirin. Gurbin ƙarshe nake fara dubawa, in tambayi kaina wane harafi ne kalmar Hausa za ta iya ƙarewa da shi, sannan in ɗauko shi in sa a gurbin farko.

A cikin waɗannan biyar ɗin ma, n da r su ne suka fi albarka, saboda su ne ke maƙalewa a ƙeyar suna don nuna mallaka ko nuni ga abin da aka riga aka ambata. Duk sunan namiji da ya fara da n, wasulansa biyu kuma iri ɗaya, yana samun n ɗinsa sai ya zama madubi: nama ya ba da naman, nono ya ba da nonon, Nuhu ya ba da Nuhun. Sunan mace da ya fara da r kuwa abin ya fi yawa, tun da yawancin sunayen mace da a suke ƙarewa. Ka rubuta r, a, gurbi, a, r, ka bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya kana jefawa a tsakiya. Za ka sami raɓar safiya, raɗar mata, ragar kifi, rahar abokai, ramar miya, ranar kasuwa, rarar kuɗi, ratar da ke tsakani, rawar kai. Ga kuma aikatau irin rabar da kaya da rayar da ƙasa. Goma sha ɗaya ke nan daga ƙira guda. Akwai masu cewa irin waɗannan ba cikakkun kalmomi ba ne tun da ba haka suke a ƙamus ba. Ni ina karɓarsu. Ranar tana tsayuwa da ƙafarta a jimla, kamar a ce ranar ta zo, kuma in aka hana su wasan zai tsuke har ya rasa daɗi. Abin da ya wajaba shi ne mai shirya wasa ya faɗa tun farko cewa ya yarda da su.

Idan adadin gurabun ya rabu biyu daidai, akwai wata doka da ke yanke aiki. Haruffa biyu na tsakiya dole su zama iri ɗaya, a jere. Daidaitacciyar Hausa ba ta rubuta wasali ɗaya sau biyu a jere don nuna tsawonsa, saboda haka na tsakiyan nan baƙi ne mai ruɓi. A gurbi huɗu wannan yana nufin wasali, baƙi, baƙi, wasali, babu wata ƙira kuma: adda, amma, ayya, Abba, Ummu. Duk wanda ya sa baƙi a gurbin farko na kalmar madubi mai harafi huɗu ya riga ya ɓata. A gurbi shida kuwa misalin da na fi so shi ne tammat, kalmar da marubutan waƙoƙin ajami ke rufe rubutu da ita.

Ita ma mai fuska biyu haka ƙirar ke kama ta. Kalma mai harafi huɗu ta yau da kullum, baƙi da wasali sau biyu, in ta juya za ta fara da wasali ta ƙare da baƙi. To baƙin nan da ta ƙare da shi shi ne wanda kalmar asali ta fara da shi, don haka mun sake komowa kan n da r. Nama da aman, kamar a dutse mai aman wuta. Naka da akan. Raba da abar, kamar a abar hawa. Kalmar da ta fara da k ko g ko b kusan ba sai ka wahalar da kanka a kanta ba. Haka wadda ta ƙare da ai ko au, irin su sosai da kyau, domin in ta juya za ta fara da ia ko ua, kuma babu kalmar Hausa mai irin wannan farko.

Ga wani wasa da na zana musu, mu warware shi tare. Layi huɗu ne, kowane layi gurbi biyar. Layin sama kalma ce a kwance, layin ƙasa ma haka, kuma dukkansu na madubi ne. Daga gurbi na ɗaya da na uku da na biyar na layin sama, kalmomi uku masu harafi huɗu suna gangarowa a tsaye har su dira a layin ƙasa, kuma dukkansu masu fuska biyu ne. Sauran gurabun tsakiya a toshe suke. Harafi ɗaya tak na rubuta musu, wato r a gurbin ƙarshe na layin sama. Game da ta tsaye ta tsakiya na ce: ko ita ko juyinta aikin damina ne. Game da ta ƙasa na ce ana samunta a gidan ƙauye.

R ɗin nan da ke ƙarshe ta haifi wata r a farko. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu masu zaman kansu a jere, don haka gurbi na biyu wasali ne, na huɗu kuma shi ne dai. Tun da wasula sun sa gurbin tsakiya a tsakaninsu, shi baƙi ne. Yanzu a koma kan aikin damina. Kowa a ajin ya ce noma, amma tambayar ita ce noma za a rubuta daga sama zuwa ƙasa ko amon. In aka rubuta amon, a za ta faɗa gurbin tsakiya na layin sama, wasula uku su jeru, abin da ba ya yiwuwa. Saboda haka noma ne, n tana sama. Layin sama ya zama r, gurbi, n, gurbi, r. Wasula biyar ne, sai a gwada su duka: ranar, rener, rinir, ronor, runur. Ɗaya ce kawai kalma. An sami ranar ba tare da an faɗi ko kalma ɗaya game da ma'anarta ba, kuma a nan ne nakan ga fuskokin yara sun washe.

Kalmomin tsaye biyu na gefe duk da r suka fara. Tun da layin ƙasa madubi ne, dole kuma su ƙare da harafi ɗaya. Juyinsu zai fara da wasali ya ƙare da r. Da muka bi baƙaƙe a allo mun sami huɗu masu tsayuwa ta kowace fuska: raba da abar, rara da arar kamar a arar da kuɗi, rawa da awar, raya da ayar. Wani ya kawo rasi saboda isar, wani ya kawo rawu saboda uwar, amma fuska ɗaya ce kawai ke da ma'ana a cikinsu, sai aka goge. A nan haruffa suka tsaya, ba za su iya zaɓar mana biyu daga cikin huɗu ba. Sai manuniya. Ta hagu na ce: juya ni ka same ni a gaban kalmar tambaya a darasin ƙa'idojin rubutu. Ayar tambaya ke nan, amsa raya. Ta dama na ce: juya ni ka sami minti sittin. Awar, amsa rawa. Dukkansu da a suka ƙare, noma ma haka, don haka allo ya koma kamar haka:

R A N A R
A ■ O ■ A
Y ■ M ■ W
A _ A _ A

Kafin mu je ga layin ƙasa, a lura da dalilin da ya sa na rubuta r ɗin nan tun farko. Da ban sa ta ba, ana iya kifa wasan gaba ɗaya: layin ƙasa ya koma sama, ranar ta koma ƙasa, kalmomin tsaye su zama ayar, amon, awar, kuma haruffan duka su zauna daidai. Haka nan da ban bambanta manuniyar hagu da ta dama ba, raya da rawa za su iya musayar wuri babu abin da ya lalace. Wasan da aka gina da madubi da fuska biyu zalla yana iya samun amsa huɗu, kuma aikin mai shirya shi ne ya kafa turke ɗaya da zai hana shi juyawa. Haka abin yake a ƙaramin mataki: abu da uba duk b ce a tsakiyarsu, don haka in kalmar da ta ratsa su ta tsakiya ta bi, ba za ta gaya maka wanne za ka rubuta ba. Irin wannan juyi ne ya sa wani tsohon murabba'i na Latin ya yi suna, mai kalmomi biyar, SATOR AREPO TENET OPERA ROTAS, wanda aka samu a garin Pompeii da aman dutse ya binne a shekara ta 79. Ta tsakiya madubi ce, sauran huɗun kuma biyu-biyu ne masu juyin juna, shi ya sa yake karantuwa ta kowace kusurwa. Ƙaraminsa a Hausa shi ne ka jera ana, nan, ana a layi uku.

A layin ƙasa ne gardama ta tashi, kuma laifin manuniyata ne. Gurbi biyu suka rage, babu kalmar da ta ratsa su, abin da madubi ya iya faɗa kawai shi ne harafi ɗaya ne zai cike su. Ni alala nake nufi, ta wake. Wani yaro ya ce adada, ɗakin nan mai kusurwa huɗu da rufin ciyawa, kuma babu wanda zai ce ba a samun adada a gidan ƙauye. Muna cikin wannan sai wata ɗaliba 'yar Jega ta ɗaga hannu ta ce, "Mallam, agwagwa ta. Ka sa gw cikin gurbi guda ka gani." Na sa, ta kuwa zauna: a, gw, a, gw, a. Rabin aji suka ce ba ta yi ba, harafi bakwai ne, kuma in ka juya su ɗaya-ɗaya awgawga za ka samu. Sauran suka ce ai ni da kaina na koya musu cewa gw sauti ɗaya ne da ake rubutawa da haruffa biyu.

Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi kowace girma a wasan nan a Hausa. Baƙaƙe masu goyo, irin su sh, ts, gw, kw, ky, ƙw, a baki abu ɗaya ne, a ido abu biyu. Sh da ts ma a jerin abacada da ake koya wa yara gurbinsu guda-guda ne. Ɗauki nishin, kamar a nishin mara lafiya. In sh gurbi ɗaya ce, n, i, sh, i, n, madubi ce tsaf mai gurbi biyar. In gurbi biyu ce, juyinta nihsin, ba komai ba. Ra'ayina shi ne a ba baƙi mai goyo gurbi ɗaya, domin hakan ya fi dacewa da yadda harshen yake, kuma duk dokokin da na lissafa a sama, irin cewa kalma ba ta farawa da baƙaƙe biyu, a kan haka suke tsaye. Amma ko wanne mutum ya zaɓa, ya rubuta shi a saman wasan kafin kowa ya ɗauki alli. A wannan rana na ba wa duka amsoshin uku maki, mako na gaba kuma na sauya manuniyar zuwa ana yin ta da wake a ci da mai.

Abu na biyu da ke kayar da yaranmu na nan yankin shi ne rubuta abin da baki ke faɗa. Da yawa suna rubuta mutun da malan, saboda m ta ƙarshe a furuci takan koma kamar n. Da zarar ka rubuta haka madubin ya fashe, kuma za ka zauna da m, u, t, u, m a gabanka kana cewa babu irin wannan kalma. Lawal madubi ne, amma a Kebbi da Zamfara Lawali muka fi ji, a wasu wurare Lawan, kuma babu ɗayansu da ke juyuwa. Ita kuwa r ta mallaka, a bakinmu narkewa take cikin baƙin da ke biye da ita, mu ce ranak kasuwa, ragak kifi, rigas sarki. Yaron da ya tashi da wannan furuci ba lalle ne ranar da ragar su zo masa da wuri ba. Wannan ba aibin karin harshenmu ba ne, wasan ne aka gina a kan daidaitaccen rubutu, kuma mai warwarewa ya riƙa tuna hakan. Wani lokaci ma karin namu yakan ci riba: Mallam da l biyu, yadda muke faɗa, madubi ce mai harafi shida.

Haruffa masu ƙugiya kuma a kiyaye su. Rabar da raɓar duk madubi ne, amma kalmomi biyu ne, kuma idan ta tsaye ta kawo b, kamar daga uba, to raɓar ta fita. Wanda ya saba rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba yakan ga amsa biyu inda ɗaya ce. Rabon kalma ma haka. Nakan a haɗe ake rubuta ta, don haka madubi ce ta halal. Nasan da mutane ke rubutawa suna nufin na san kalmomi biyu ne aka manne, ba ta shiga wasan kalma ɗaya. Tsawon wasali da karin sauti kuwa wasan bai san da su ba sam, tun da boko ba ya rubuta su. Shi ya sa aya ta ci da aya ta Alƙur'ani suke zama amsa ɗaya a gurbi, ko da yake kunne yana bambanta su.

Akwai kuskure guda da nake gani kusan duk shekara daga sababbin shiga, kuma ina girmama shi, domin yana da tushe. Ka ce wa yaro ya juya gari, sai ya ce riga. Ka ce ya juya rogo, ya ce goro. Masa ta zama sama, gida ya zama dagi, bari ya zama riba. Gaɓa yake juyawa ba harafi ba, kamar yadda ake yi a wani nau'in zaurance. Kunnen Bahaushe gaɓa yake ji, kuma wanda ya fara da karatun allo ya saba ganin wasali a matsayin alama da ke bisa baƙi ko ƙarƙashinsa, duk inda baƙin ya je da wasalinsa yake tafiya. A Larabci ma baƙaƙe ake dubawa a irin wannan. Malaman balaga sukan kawo misali da kullun fi falakin a aya ta 33 ta Suratul Anbiya, inda haruffan suke k, l, f, y, f, l, k, da kuma rabbaka fakabbir a aya ta 3 ta Suratul Muddassir, r, b, k, f, k, b, r. Juyin gaɓa wasa ne mai zaman kansa, kuma a Hausa ya fi na harafi yalwa, domin kalma mai farawa da baƙi ta ƙare da wasali tana juyuwa ba tare da ta karye ba. Yana da nasa madubin: Makama, maluma, tamata. Sai dai ba a gauraya shi da na harafi a allo ɗaya. Hanyar gane wanda mai wasa yake nufi ita ce ƙirga gurabu. In an ba gari gurbi huɗu, harafi ake juyawa. In gurbi biyu aka ba shi, gaɓa ce.

Wanda ke da jerin kalmomin Hausa a kwamfuta, kowace kalma a layinta da ƙananan haruffa, zai iya tace su da umarni biyu. Na farko yana fito da madubi masu harafi biyar, na biyu yana fito da duk kalmar da juyinta ma yana cikin jerin:

```
grep -E '^(.)(.).\2\1$' kalmomi.txt
rev kalmomi.txt | grep -xFf kalmomi.txt
```

Amma na'ura harafi-harafi take ƙirgawa, don haka agwagwa da nishin za su wuce ta, sai in ka fara maye gurbin kowane baƙi mai goyo da alama guda. Kuma in jerin naka na ƙamus ne zalla, ba za ka ga ranar ko amon ba, sai ka ƙara siffofin da ke ɗauke da n da r.

Da wannan hanyar ake hawa daga kalma zuwa jimla, inda ake mantawa da tazarar da ke tsakanin kalmomi a dubi haruffa kawai. Daga gefe biyu ake ginowa zuwa tsakiya. Jimlar Hausa galibi da wasali za ta ƙare, don haka a fara ta da wasali. Ɗauki ina. Juyinta ani ne, wanda ba kalma ba ce, amma wutsiyar kalmomi da yawa ce. Ka jera i, n, a, gurbi, a, n, i, gurbi bakwai ke nan kuma ɗaya ne kawai babu kowa a ciki. Sa g ka sami ina gani. Sa s ka sami tambaya, ina Sani? Sa w ka sami ina wani, sa r ka sami ina rani. Da na ba su wannan a allo na ce amsar magana ce da mai ido ke faɗa, kafin in ajiye alli sun cike g.